Haɗin waƙafi da jimla mai zarcewa a saƙon imel

Haɗin waƙafi kuskuren rubutu ne da ke faruwa idan aka haɗa jimloli biyu cikakku da waƙafi kaɗai, a wurin da ake buƙatar aya, ko waƙafi mai ruwa, ko mahaɗi. Jimla mai zarcewa kuma ita ce wadda aka jera jimloli cikakku a cikinta ba tare da kowace irin alama a tsakaninsu ba. Duka biyun sun fi yawa a rubutun gaggawa, musamman saƙon imel da ake bugawa a wayar hannu. Illarsu ba ta tsaya ga munin rubutu ba, domin sau da yawa mai karatu yakan kasa sanin inda wata magana ta ƙare da inda wata ta fara, har ya fahimci saɓanin abin da aka nufa.

A Hausa lamarin yana da wata sarƙaƙiya ta daban, saboda akwai wuraren da nahawun harshen ya yarda a jera jimloli da waƙafi kawai. Don haka gyaran yana buƙatar a fara rarrabe jerin da yake daidai da wanda yake kuskure, sannan a zaɓi alamar da ta dace.

Ma'ana

Masu nazarin nahawun Hausa suna kiran sashen jimla mai ɗauke da cikakken batu da sunan ganga. Ganga iri biyu ne. Ganga tsayayye shi ne wanda zai ba da ma'ana ko da an ware shi, kamar "Mota ta iso." Ganga dogarau kuma shi ne wanda sai ya jingina da wani, kamar "in mota ta iso" ko "da mota ta iso". Duk wanda ya ji ganga dogarau zai saurari ƙarashen magana.

Haɗin waƙafi yana aukuwa ne tsakanin tsayayye da tsayayye. Misali:

Kasuwa ta ci jiya, ɗan'uwana zai tafi Sakkwato gobe.

Kowane ɓangare a nan jimla ce mai zaman kanta, kuma ba abin da ya nuna dangantakarsu. Idan aka cire waƙafin aka bar su a manne, an sami jimla mai zarcewa:

Kasuwa ta ci jiya ɗan'uwana zai tafi Sakkwato gobe.

Tsawon jimla ba shi ne ma'auni ba. Jimla tana iya kai layi biyar ba tare da kuskure ba, idan mahaɗai sun ɗaure sassanta. Wata kuma tana iya zama kalma shida kacal amma ta zarce, kamar "Na iso lafiya ruwa ya sauka."

Idan ɗaya daga cikin sassan dogarau ne, waƙafi ya wadatar, kuma ba a yi kuskure ba: "In mota ta iso, zan kira ka."

Inda waƙafi kaɗai yake daidai a Hausa

Kalmar "da" tana haɗa suna da suna, kamar "gero da dawa", amma ba ta haɗa jimla da jimla. Bahaushe ba ya cewa "ya zo da ya zauna" yana nufin ayyuka biyu a jere. Abin da yake yi shi ne ya jera su kai tsaye, lamirin da ke gaban aikatau ya ɗauki nauyin haɗin. Irin wannan jeri yana fitowa a wurare uku sanannu.

Na farko shi ne labarin ayyuka masu bin juna: "Suka yi lodi, suka ɗaure kaya, suka kama hanya." Siffar "suka" ita ce ke nuna cewa kowane aiki ya biyo bayan na gabansa, don haka sassan ba su rabu ba.

Na biyu shi ne jerin niyya ko umurni: "Zan je kasuwa, in sayi buhu, in kawo maka." Sashen farko ne ya kafa lokaci, sauran suka dogara da shi. "In sayi buhu" ba zai tsaya shi kaɗai da wannan ma'anar ba.

Na uku shi ne gajerun jimloli masu kama da juna a gini, waɗanda aka ajiye gefe da gefe don gwami: "Ni na saya, shi ya sayar."

Abin da ya haɗa ukun shi ne batu ɗaya ake yi, kuma ginin jimlar da kansa yana nuna dangantakar. Da zarar mai aikin ya canja, lokaci ya canja, kuma batun ya koma wani abu dabam, waƙafi ya gaza. "Suka yi lodi, suka kama hanya" daidai ne. "Suka yi lodi, ban ga rasidin ba, yaushe za ka zo" haɗin waƙafi ne, domin an tashi daga labari zuwa ƙorafi zuwa tambaya ba tare da tsayawa ba.

Akwai kuma wata matsala da rubutun boko ya ƙara. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, saboda haka "ya" guda ɗaya tana wakiltar siffofi uku da suka bambanta a baki. "Ya zo, ya biya" tana iya zama labarin abin da ya faru, tana kuma iya zama umurni cewa mutumin ya zo ya biya. A karin harshen Sakkwato, wanda ake yi a Illela da Birnin Konni, siffar labari ta fita daban, domin ana cewa "yaz zo" da "sunka zo" a inda Kano ke cewa "ya zo" da "suka zo". Wanda ya saba da wannan bambancin a baki, idan ya koma rubuta daidaitacciyar Hausa, yakan rasa shi, sai alamomin rubutu da mahaɗai su zama su ne kaɗai jagoran mai karatu.

Dalilan yawaitarsa a imel

Dalili na farko shi ne rubuta magana yadda take fita daga baki. Mai magana yana da sauka da tashin murya, yana da ɗan shiru gajere da dogo. Mai gaggawa yakan sa waƙafi a duk inda zai ja numfashi, ko gajere ne ko dogo, alhali a rubutu aya da waƙafi ba aikinsu ɗaya ba.

Na biyu shi ne allon bugu na waya. A allon Gboard, waƙafi da aya suna gefe da gefen maɓallin tazara, amma waƙafi mai ruwa yana cikin shafin alamomi, sai an danna `?123` kafin a same shi. Ƙaramin allo kuma yana nuna layuka kaɗan ne a lokaci guda, don haka marubuci ba ya ganin tsawon abin da ya jera.

Na uku shi ne ɗabi'ar gajerun saƙonni. A WhatsApp mutum yakan tura kowace jimla a matsayin saƙo guda, danna maɓallin turawa ya zame masa aya. Idan ya zo imel, inda komai ke zama a sakin layi ɗaya, wannan iyakar ta ɓace, shi kuma bai saba sa aya ba.

Hanyoyin gyara guda uku

Aya ita ce ke raba jimloli rabuwa cikakkiya. Ana zaɓarta idan sassan biyu ba su da dangantaka ta kusa, ko idan na biyun ya buɗe sabon batu, ko idan an tashi daga bayani zuwa umurni ko tambaya. "Kasuwa ta ci jiya. Ɗan'uwana zai tafi Sakkwato gobe." Aya ba ta sa jimla ta zama kuskure muddin abin da ke kowane gefenta tsayayye ne, shi ya sa ta fi sauran aminci. Iyakarta ita ce ba ta faɗin komai game da dangantaka. Idan aka yawaita ta, rubutu yakan zama guntu-guntu, mai karatu ya riƙa hasashen dalili da sakamako da kansa. Kuskuren da ake yi da ita shi ne yanke ganga dogarau daga jikin wanda ya jingina da shi, kamar a rubuta "Ban zo ba. Saboda ruwa ya hana."

Waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a saman waƙafi, yana tsakanin aya da waƙafi a ƙarfi. Ana sa shi idan sassan biyu tsayayyu ne, batunsu ɗaya, kuma dangantakarsu a fili take har ba ta buƙatar kalma. "Shanu sun yi tsada; awaki sun yi araha." Hanya mai sauƙi ta gwada shi ita ce a musanya shi da aya: idan jimlolin biyu suka tsaya lafiya, an sa shi daidai. Ba a fara abin da ya biyo bayansa da babban baƙi, sai dai in sunan yanka ne ko na wuri. Iyakarsa biyu ce. Yana nuna cewa akwai dangantaka, amma ba ya faɗin wace iri ce. Sannan a ƙaramin allo yana kama da waƙafi, kuma ba kowane mai karatu ne ya saba da shi ba. Don haka ba a ɗora masa nauyin raba maganar kuɗi ko ta alkawari.

Mahaɗi shi ne kaɗai ke faɗin dangantakar da baki. "Kuma" tana ƙari, "amma" da "sai dai" suna nuna saɓani, "ko" tana ba da zaɓi, "sannan" tana nuna bin juna, "domin" da "saboda" suna kawo dalili, "saboda haka" kuma tana kawo sakamako. Ana zaɓar mahaɗi duk lokacin da mai karatu zai iya fahimtar dangantakar ta fuska biyu. Ga misali:

Ban sayi wake ba, farashi ya sauka.

Wannan tana iya nufin "Ban sayi wake ba, amma farashi ya sauka", wato labari biyu masu saɓani. Tana iya nufin "Ban sayi wake ba domin farashi ya sauka", wato mai sari ya ja baya yana jiran ya ga inda kasuwa za ta tsaya. Aya ko waƙafi mai ruwa za su gyara siffar jimlar, amma ba za su warware wannan ba. Kuskuren da ake yi da mahaɗi shi ne a maimaita "kuma" ko "sai" a gaban kowane sashe har saƙo ya ƙare. Wannan ba haɗin waƙafi ba ne a ƙa'ida, amma wahalar karatunsa ɗaya ce.

A taƙaice, tambayoyi biyu ne ke yanke zaɓin. Shin batun ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, aya. In ɗaya ne, shin mai karatu zai gane dangantakar ba tare da an faɗa ba? In zai gane, waƙafi mai ruwa. In ba zai gane ba, mahaɗi.

Misali daga cinikin kan iyaka a Illela

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Sakkwato, tana fuskantar Birnin Konni na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Garin sananne ne da kasuwar dabbobi, kuma hanya ce ta shige da ficen hatsi da albasa. Harshen hukuma a ɓangaren Nijeriya Turanci ne, makarantun boko na ɓangaren Nijar kuma sun ginu ne a kan Faransanci, amma Hausa ce ke haɗa masu ciniki. Ke nan marubuci da mai karatu suna iya kasancewa sun koyi alamomin rubutu a tsari biyu mabambanta. Ga wani misali da aka tsara a kan irin saƙon da wakili a Illela zai tura wa maigidansa a Sakkwato game da albasar Galmi, garin da ke gabas da Konni:

Salam Alhaji, mota ta yi lodi a Galmi jiya, buhu 200 ne ba 220 ba, direba ya ce taya ta fashe a hanya, ka tura sauran kuɗin dako, in mota ta iso Illela, zan kira ka, albasar tana da kyau farashi ya hau, kada a sayar wa kowa, sai na zo, za mu yi lissafi, na gode.

Saƙon yana ɗauke da ganga tsayayye guda goma, amma aya ɗaya ce tak a cikinsa. Akwai kuma zarcewa a "albasar tana da kyau farashi ya hau", inda ko waƙafin babu. Yawancin waɗannan kurakuran gajiyar da mai karatu kawai suke yi. Haɗarin yana wurare biyu, inda ganga dogarau ya faɗo tsakanin tsayayyu biyu, da waƙafi a kowane gefensa.

Wuri na farko shi ne "in mota ta iso Illela". Yana iya jingina da abin da ke gabansa, yana iya jingina da abin da ke bayansa:

Ka tura sauran kuɗin dako. In mota ta iso Illela, zan kira ka.

Ka tura sauran kuɗin dako in mota ta iso Illela. Zan kira ka.

A karatu na farko, Alhaji zai tura kuɗi yanzu, mota tana kan hanya. A na biyu, ba zai tura ba sai kaya sun iso. Idan wakilin na biyu yake nufi, Alhaji ya yi na farko, an biya direba kafin a ƙirga buhunan. Idan na farko yake nufi, Alhaji ya yi na biyu, direba yana iya zama a hanya yana jiran kuɗin gyaran taya, albasa kuma kaya ce mai lalacewa idan ta daɗe a rufe cikin zafi.

Wuri na biyu shi ne "sai na zo". "Kada a sayar wa kowa sai na zo" hani ne mai wa'adi, wanda zai ƙare da zuwan wakilin. "Kada a sayar wa kowa. Sai na zo za mu yi lissafi" hani ne da ba a yanke masa lokaci ba, zuwan kuma ya shafi lissafi ne kawai.

Mai karatu ba zai iya warware waɗannan biyun ba, domin kalmomin sun yarda da kowace fassara. Marubucin ne kaɗai ya san abin da ya nufa. Idan aka ɗauka cewa yana son a biya bayan isowa, a kuma jira shi kafin sayarwa, gyararren saƙon zai zama haka:

Assalamu alaikum, Alhaji.

Mota ta yi lodi a Galmi jiya; buhu 200 ne, ba 220 ba. Direba ya ce taya ta fashe a hanya. Ka tura sauran kuɗin dako in mota ta iso Illela. Zan kira ka.

Albasar tana da kyau, kuma farashi ya hau, saboda haka kada a sayar wa kowa sai na zo. Za mu yi lissafi.

Na gode.

Kowace alama a nan tana da dalilinta. An sa waƙafi mai ruwa tsakanin lodi da adadin buhu, domin na biyun ƙarin bayani ne a kan na farko, kuma ba wanda zai ruɗe. An sa aya bayan maganar taya, domin an tashi daga labari zuwa umurni. An cire waƙafin da ke gaban "in" da na gaban "sai" don sharaɗin ya manne da umurninsa, aka rufe shi da aya don kada ya zame gaba. An sa "kuma" don tara dalilai biyu, aka sa "saboda haka" don nuna cewa hanin ya samo asali ne daga gare su. An kuma raba maganar mota da maganar sayarwa zuwa sakin layi biyu. Kalmomin da aka ƙara a jikin saƙon uku ne kawai.

Yadda ake gane shi kafin turawa

Hanyar da ta fi sauri ita ce a bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya, a rufe abin da ke hagu a karanta na dama, sannan a juya. Idan kowane gefe ya tsaya da kansa, a duba ko jerin ayyukan mutum ɗaya ne masu bin juna. In ba haka ba ne, wurin yana buƙatar gyara. Ga jimla mai zarcewa kuwa, ana neman wurin da sabon suna da lamirinsa suka bayyana ba tare da alama ba, kamar "farashi ya" a misalin da ya gabata.

Bayan haka a nemi kalmomin "in", "idan", "da", "sai", "kafin" da "bayan" a tsakiyar saƙo. Duk inda ɗayansu ya buɗe sashe mai waƙafi gaba da baya, a tambayi kai da wane gefe ya jingina, a sa aya a ɗaya gefen. Karatu da murya yana taimakawa, amma ba ya isa shi kaɗai, domin marubuci ya riga ya san abin da yake nufi, muryarsa za ta tsaya a daidai ko da alamar ba ta nan.

A wasu harsuna

Alamomin rubutu sun shigo Hausa ne tare da boko. Rubutun ajami na dā bai yi amfani da wannan tsarin na aya da waƙafi ba. Shi kansa waƙafi mai ruwa, a siffarsa da aikinsa na yau, ana danganta shi da maɗaba'ar Aldus Manutius ta birnin Benis a ƙasar Italiya, cikin shekarun 1490. A Larabci kuma, Ahmad Zaki Basha na Masar ne ya tsara alamomin zamani a wani littafi da ya fito a 1912. A can ana yawan sa waƙafi mai ruwa tsakanin jimloli biyu da ɗayarsu take dalilin ɗaya.

Harsuna sun bambanta a kan tsananin hukuncin. Turanci na makaranta da na ofis yana ɗaukar haɗin waƙafi a matsayin kuskure sarai, kuma hana shi yana cikin ƙa'idojin ɗan littafin salon rubutu da William Strunk ya fitar a Amurka a 1918. Faransanci da Jamusanci sun fi sassauci, domin sun yarda a jera jimloli tsayayyu da waƙafi idan batunsu ɗaya ne. Wannan ne ya sa jimlar da mai karatun Faransanci a Konni zai gani daidai, malamin Turanci a Illela yana iya ja mata jan biro. Hausa ta fi kusa da masu sassaucin a jerin labari da na umurni. Inda batu ya canja, ko inda sharaɗi zai iya jingina ta gefe biyu, waƙafi kaɗai ba ya isa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan harsunan.

Duba kuma

Alamomin rubutu
Ƙa'idojin rubutun Hausa
Ginin jimlar Hausa
Karin harshen Sakkwato
Illela